Yadda Ake Rubuta Bayanin Man Shafawa na Kaɗanya a Shagon Intanet

Mai saye a intanet ba ta iya buɗe murfi ta shinshina, ba ta iya lakata ta murza a bayan hannu. Abin da take da shi hoto ne da 'yan layukan da kika rubuta a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina haɗa man shafawa na kaɗanya ina sayarwa ta wannan hanya, kuma yawancin kayan da aka taɓa dawo mini da su lafiyarsu ƙalau, abin da na rubuta ne bai yi daidai da abin da ke cikin robar ba. Saboda haka yanzu ba na fara rubutu daga kaina, daga littafin haɗi nake farawa. Ga yadda nake yi.

Abin da za ki tanada

Littafin haɗi, wato inda kike rubuta nauyin kowane abu da ya shiga tukunya da ranar da kika haɗa. Sikelin da ke auna giram, wanda zai iya nuna har giram 1. Duk kwalabe da robobin kayan haɗin da kika yi amfani da su, saboda sunayensu da ranakun ƙarewarsu suna jiki. Roba uku na man da kika gama, waɗanda ba za ki sayar ba. Sai roba ɗaya wadda babu komai ciki, da waya ta ɗaukar hoto.

In ba ki da littafin haɗi domin da cokali da ƙiyasi kika saba, kada ki zauna ki ƙirƙiro lambobi. Ki sake yin ɗan ƙaramin haɗi, ki ɗora kowane cokali a kan sikeli kafin ki zuba, ki rubuta. Aikin yini ɗaya ne, kuma duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

1. Ki fara tantance ko akwai ruwa a cikin man

Wannan tambayar ita ke raba hanya biyu, shi ya sa na sa ta a gaba. Abin da muke kira kirim ɗin kaɗanya iri biyu ne. Akwai wanda mai ne zalla: man kaɗanya da wasu mayuka aka narkar aka buga har ya yi laushi. Akwai kuma wanda aka haɗa ruwa da mai ta hanyar wani kaki da ke riƙe su wuri ɗaya, shi ne mai sanyi a fata, mai saurin shigewa.

Ƙwayoyin cuta da funfuna ruwa suke bukata kafin su yaɗu. Man da babu ruwa a ciki ba ya ba su wurin zama, abin da ke kashe shi tsufa ne: iska da zafi da haske su taɓa man a hankali har ya canja wari. Wanda ke da ruwa kuwa, in babu sinadarin hana lalacewa a ciki, kwanaki kaɗan ya isa ya gurɓace, kuma yakan gurɓace tun kafin ido ya ga wani abu.

Inda sababbi ke faɗawa shi ne abin da ba su ɗauka ruwa ba ne. Ruwan alobera ruwa ne. Ruwan wardi ruwa ne. Ganyen da kika dafa kika tace kika zuba, shi ma haka. Cokali biyu kawai ya mayar da manki cikin rukuni na biyu. In haka naki yake kuma ba ki sa sinadarin hana lalacewa ba, ki dakata da maganar rubuta bayani, domin babu kalmomin da za su gyara shi. Ko dai ki cire ruwan daga haɗin, ko ki koyi sa sinadarin yadda ya kamata.

Misalin da zan bi da shi har ƙarshe na rukunin farko ne, mai zalla, don shi ne akasarin masu farawa ke yi.

2. Ki mayar da haɗin zuwa kashi cikin ɗari

Ga haɗin da za mu yi aiki da shi, na giram 1,000. Man kaɗanya wanda ba a tace ba giram 700. Man kwakwa giram 150. Man almon giram 120. Sitacin masara giram 20, don rage maiƙo. Bitamin E giram 5. Man ƙamshi na labanda giram 5.

Ki raba nauyin kowanne da jimillar, ki ninka da 100. Kaɗanya ta zama kashi 70, kwakwa 15, almon 12, sitaci 2, bitamin E rabin kashi ɗaya, labanda rabin kashi ɗaya. Ki tara ki tabbatar sun cika 100. In ba su cika ba, akwai abin da kika manta, kuma galibi ƙananan nan ne, turare ko kala.

Ba dole ki bayyana wa duniya dukkan lambobin nan ba, sirrin sana'arki ne. Amma lamba ɗaya nake ba da shawarar ki fitar fili, wato kason kaɗanyar. Kasuwa cike take da mayukan da aka rubuta kaɗanya ɓaro-ɓaro a jikinsu alhali ɗan ɗigo ne a ciki. Wadda ta karanta "kashi 70 cikin 100 man kaɗanya ne" ta san abin da take biya wa kuɗi. Kuma wannan lissafin ya riga ya hana ki rubuta "kaɗanya zalla, ɗari bisa ɗari", tunda ga kashi 30 na wasu abubuwa a gabanki.

3. Ki jera kayan haɗin daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci

Ƙa'idar da aka saba a jikin kayan shafawa ita ce a jera bisa nauyi, mai yawa a gaba. Waɗanda ba su kai kashi 1 ba suna zuwa ƙarshe, kuma su ba a damu da wanda ya riga wani ba. Kada ki ɗauko abin da ya fi daɗin ji ki kai shi gaba. Na sha ganin an fara jeri da bitamin E don ya burge, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a tukunyar.

Ni sau biyu nake rubuta jerin. Na farko da harshen da mai saye ke ji. Na biyu da sunayen da ake amfani da su a duk duniya a jikin kayan kwalliya, tsarin da ake kira INCI. Amfaninsa shi ne wadda likita ya ce ta guji wani abu, da wannan sunan za ta neme shi. Na haɗinmu haka zai fito:

```
Butyrospermum Parkii Butter, Cocos Nucifera Oil,
Prunus Amygdalus Dulcis Oil, Zea Mays Starch,
Tocopherol, Lavandula Angustifolia Oil, Linalool
```

Za ki lura akwai suna na bakwai alhali abu shida muka zuba. Linalool wani ɓangare ne na man labanda kansa, kuma yana cikin abubuwan ƙamshi da aka sani suna tayar wa wasu mutane da fata. A Tarayyar Turai, misali, dole a ambace shi da sunansa idan ya wuce kashi 0.001 cikin 100 a man da ake barinsa a jiki, kuma rabin kashi ɗaya na labanda ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Ko ba can kike sayarwa ba, layi ɗaya ne da ba ya cin komai. Wanda ya sayar miki da man ƙamshin ya kamata ya ba ki takardar da ke nuna irin waɗannan abubuwan da ke cikinsa, ki nema.

Sunayen ki kwafo su daga jikin kwalaben da kika saya, harafi da harafi. A nan ma za ki iya cin karo da abin mamaki. Na taɓa juya wata kwalbar bitamin E na ga ashe a cikin man waken suya aka narkar da shi, ni kuwa wata shida ina sayar da kaya ban ambaci waken suya ba. Abin da ke cikin kayan haɗinki, yana cikin manki.

Turaren da ba ki san abin da aka haɗa shi da shi ba kuwa, ki rubuta shi a matsayin turare, da INCI `Parfum`. Kada ki kira shi man tsirrai in ba shi ba ne. In kuma wanda ya sayar miki bai iya gaya miki ko an yi shi don shafawa a fata ba, ki bar shi a waje.

Daga cikin jerin, ki ware abin da ka iya cutar da wani ki ba shi layinsa daban. A haɗinmu almon ne kan gaba, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa sam. Ita ma kaɗanya daga ƙwallon 'ya'yan itace ake fitar da manta, don haka ina faɗa a fili, mai irin wannan matsala ta yanke wa kanta hukunci.

4. Ki lissafa tsawon lokacin da zai yi

A nan zan daɗe, domin nan ne ake yawan yin ƙarya ba da niyya ba. Mutum ya ji an ce man kaɗanya na kai shekara biyu, sai ya rubuta shekara biyu a jikin kirim ɗinsa. Kuskure biyu ke cikin wannan.

Na farko, shekara biyun nan daga ranar da aka fitar da man daga ƙwallo ake ƙirga ta, ba daga ranar da kika buga shi ba. In ya yi wata takwas a hannun mai sayarwa kafin ya zo gare ki, wata takwas ɗin sun tafi. Na biyu, ba kaɗanya kaɗai ke cikin robar ba. Haɗi yana tsufa ne da tsufan wanda ya fi kowa rauni a cikinsa. Kaɗanya da kwakwa suna da juriya. Man almon bai kai su ba, yakan yi kamar shekara ɗaya. Mayuka masu sauƙi irin na 'ya'yan inabi sun fi shi ma saurin juyawa.

Mu ɗauka kin yi haɗin nan ranar 10 ga Maris 2025. Kin jera kwalabe kin duba: kaɗanyar an yi ta a Satumba 2024, wato tana iya kai Satumba 2026. Man kwakwa an rubuta Yuni 2026. Bitamin E da labanda duk sun wuce haka. Man almon kuwa Nuwamba 2025. To, iyakar abin da za ki iya faɗa ke nan, Nuwamba 2025, wata takwas daga ranar haɗi.

Ni ko wata takwas ɗin ba na rubutawa. Ranar da ke jikin kwalbar almon ta kwalbar da ke rufe ce a ajiye. Ke kuwa kin buɗe, kin ɗumama, sannan kin buga iska a ciki da gangan, iskar nan kuma ita ce ke tsofar da mai. Sai na rage, na rubuta wata shida: a yi amfani da shi kafin 10 ga Satumba 2025. Wannan ragin hukuncina ne, ba doka ba ce. Gara a ce ya wuce ranarsa yana nan garau da a buɗe shi kafin ranar a ji ya juya.

Bitamin E fa? Yana rage saurin tsufan mai, shi ya sa muke sa shi. Amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Kada ki rubuta cewa shi ne sinadarin hana lalacewa na halitta, kuma kada ki dogara da shi a man da ke da ruwa. Wannan kuskuren ya yaɗu ƙwarai, har a bakin waɗanda suka daɗe a sana'ar.

Sai lokaci na biyu, na bayan buɗewa. Wataƙila kin taɓa ganin ɗan hoton roba a buɗe a jikin mayukan kamfani da rubutu kamar `6M` ko `12M`. Ma'anarsa watannin da man zai yi bayan an fara amfani da shi. Naki man ba shi da ruwa, amma mai saye za ta fito daga wanka ta tsoma jiƙaƙƙen yatsa a ciki, ta bar shi a banɗaki cikin tururi. Ruwan da ba ki sa ba ita za ta sa. Don haka nakan rubuta wata uku bayan buɗewa, na kuma ce a ɗiba da busasshen hannu ko ɗan cokali.

Roba ukun da na ce ki ajiye, ga aikinsu. Ɗaya ki sa a wuri mai sanyi da duhu, a rufe. Ɗaya ki bar ta a ɗaki mai ɗumi. Ta uku ki riƙa amfani da ita kullum kamar mai saye. Duk wata ki buɗe ki duba ki rubuta. Man da ya juya yana da wari irin na tsohon man suya ko tsohon fenti, mai ɗan hamami a hanci, wani lokaci har kalar ta dusashe ko ya yi danƙo. Ɗigon baƙi, kore ko ruwan hoda funfuna ce, alamar ruwa ya shiga. In robar ɗaki mai ɗumi ta juya a wata biyar, wata shidan da kika rubuta ya yi yawa, ki rage. In haɗi uku a jere sun kai wata tara lafiya, kin sami hujjar ƙarawa. Da haka lambar ke zama taki, ba wadda kika ji a bakin wani ba.

In yanzu kika fara, ba ki da robar da ta yi wata shida, sai ki tsaya kan lissafin kwalabe da ragin da na nuna. In kaɗanyar ba ta zo da rana ba, ki tambayi wanda ya sayar miki yaushe aka yi ta. In bai sani ba, ki ɗauke ta a matsayin wadda ta riga ta yi shekara.

Ga mai kirim mai ruwa: wannan gwajin na hanci da ido bai ishe ki ba. Kirim na iya cika da ƙwayoyin cuta yana ƙamshinsa. Sinadarin da kika sa, ki rubuta sunansa a jeri ba tare da kunya ba, misali `Phenoxyethanol`, wanda ba a wuce kashi 1 da shi. Tsawon kwanansa na gaskiya kuwa ɗakin gwaji ne kaɗai zai tabbatar miki. Sannan a jerinki ruwa, `Aqua`, shi zai zo farko in shi ya fi yawa, ko da kin fi son a ga kaɗanya a gaba.

Abu na ƙarshe a wannan matakin: kowane haɗi ki ba shi lamba. Ni ranar nake juyawa, na 10 ga Maris 2025 ya zama `250310A`. Lambar na jikin roba, tana cikin littafi. Ranar da wata ta ce nata ya yi wari, da lambar za ki san wane haɗi ne, ki ɗauko robarki ta ajiya ki gwada, ki kuma san su wa suka sayi irinsa.

5. Ki auna abin da ke cikin roba

Bugaggen mai akwai iska da yawa a cikinsa. Robar da aka yi don mililita 150 tana iya cika maƙil da giram 100 kacal. In kin rubuta 150 don haka aka buga a gindin robar, kin faɗi abin da ba haka ba. Ki ɗora robar da babu komai a sikeli, ki mayar da shi sifili, ki cika ki karanta. Ki auna biyar, ki rubuta mafi ƙanƙantar lambar, da giram.

6. Ki faɗi halinsa, har da wanda ba ya burgewa

Ɗanyen man kaɗanya yana da warinsa, mai ɗan ƙauri-ƙauri, kuma rabin kashi ɗaya na labanda ba ya rufe shi duka. Wadda ta saba da man kamfani in ba ki gaya mata ba, za ta ce ya lalace. Kalarsa ma ba ta tsayawa wuri ɗaya, wani haɗin ya fi wani haske. In tacaccen mai kika yi amfani da shi, fari marar wari, ki ce tacacce ne. Babu aibu a ciki, aibun shi ne a kira shi ɗanye.

Sai zafi. Man kaɗanya yana narkewa ne a kusan ɗumin jikin mutum, man kwakwa kuma tun a wajen digiri 24 yake zama ruwa. Kaya in ya kwana a bayan mota cikin rana zai narke, iskar da kika buga ta fice, ya sake daskarewa a ƙasan roba. Mai saye ta buɗe ta ga rabin roba, ta ce an cuce ta. Nauyin bai ragu ba ko giram ɗaya, amma in ba ki faɗa tun farko ba, bayani daga baya kamar kare kai ne. Haka in ya huce a hankali bayan narkewa yakan yi tsaki-tsaki kamar yashi. Ba lalacewa ba ce, wani ɓangaren man ne ya riga saura daskarewa, kuma yana narkewa da an murza a tafin hannu.

Ki kuma faɗi maiƙonsa. Mai zalla yana ɗaukar mintuna kafin ya shige fata, yana iya taɓa tufafi. Ki ce ya fi dacewa da ƙafa, gwiwa, gwiwar hannu da busasshiyar fata, kuma mai fuska mai yawan maiƙo da ƙuraje wataƙila ya yi mata nauyi. Za ki rasa ciniki ɗaya ko biyu da wannan layin. Ni dai na gwammace haka da saƙon ƙorafi da tsakar dare.

7. Ki tace alƙawura

Abin da man shafawa ke yi shi ne ya tausasa fata, ya rage bushewa da kaushi, ya riƙe damshi. Wannan ki faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Amma da zarar kin rubuta yana warkar da kyasbi, yana goge nankarwa, yana maganin ƙuraje, kin tashi daga mai sayar da man shafawa kin koma mai sayar da magani, kuma a ƙasashe da yawa wannan yana da dokarsa daban da hukuncinsa. Ko da wata ta rantse miki cewa ya warkar da ita, labarinta ne, ba hujjar da za ki buga ba.

Kada ki ce yana kare fata daga rana, domin wata za ta yarda ta bar man kariyar da ya dace. Kada ki ce yana sa haske, ba ya yi. "Babu sinadari ko ɗaya" magana ce marar ma'ana, gara ki ambaci abin da babu: babu ruwa, babu kala, babu man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, irin wanda ake sa wa wasu mayuka. Kalmar oganik kuma sai kina da takardar shaida a hannu. Game da rajista da abin da dole ya fito a jikin roba, kowace ƙasa da nata tsarin, ki duba na hukumar da ke kula da kayan shafawa a inda kike sayarwa kafin ki ɗora kaya.

8. Ki haɗa rubutun

Mutane a waya suke karantawa, kuma da yawa layi uku na farko kawai suke gani. Don haka suna, nauyi da mene ne shi su zo a sama. Ga yadda na haɗinmu ya fito:

*Bugaggen man shafawa na kaɗanya mai ƙamshin labanda, giram 100*

*Kashi 70 cikin 100 ɗanyen man kaɗanya ne wanda ba a tace ba. Da hannu muke haɗa shi, kaɗan-kaɗan. Yana tausasa busasshiyar fata, musamman ƙafa, gwiwa da hannu. Mai ne zalla, babu ruwa a ciki, don haka kaɗan ya isa kuma yana ɗaukar 'yan mintuna kafin ya shige. Mai fuska mai maiƙo, zai iya yi miki nauyi.*

*Abin da ke ciki: man kaɗanya, man kwakwa, man almon, sitacin masara, bitamin E, man labanda. Akwai almon a ciki, kuma ita ma kaɗanya daga ƙwallon 'ya'yan itace take. In jikinki ba ya karɓar irinsu, ki tuntuɓi likita kafin ki saya. Ki fara gwada kaɗan a cikin damtse ki jira kwana ɗaya. Ba a shafa shi a kan rauni.*

*Ƙamshi da kala: za ki ji warin kaɗanya na asali a ƙarƙashin labandar. Kalar takan ɗan bambanta daga haɗi zuwa haɗi.*

*Tsawon kwana: wata shida daga ranar haɗi, wata uku bayan an buɗe, duk wanda ya riga zuwa. Ranar haɗi da ta ƙarewa suna jikin roba. Ba ma aika wanda saura ƙasa da wata huɗu ya ƙare. A ajiye a rufe, nesa da rana da tururin banɗaki, a ɗiba da busasshen hannu. In ya fara warin tsohon mai ko kin ga ɗigon kala, ki daina amfani da shi.*

*In ya narke a hanya: zai sauka ƙasa ya rasa kumburinsa, amma nauyinsa na nan. Ki sa shi a firiji awa ɗaya ko biyu ya daskare. Tsaki-tsakin da kan fito ba lalacewa ba ce.*

A ƙarƙashin wannan sai jerin INCI ɗin nan na mataki na uku.

Ki lura ban rubuta takamaimiyar rana a shafin shago ba. Shafin yana zama wata da watanni, haɗi kuwa yana canjawa, don haka ƙa'idar ke shafi, ranar ke jikin roba. Layin "ba ma aika wanda saura ƙasa da wata huɗu" shi ke amsa tambayar da mai hankali za ta yi: wata shida daga yaushe, kuma nawa ya rage a lokacin da zai iso hannuna? Amma kada ki rubuta shi sai in za ki cika. Ma'anarsa duk robar da ta wuce wata biyu a ajiye ba ta fita da cikakken matsayi, sai dai ki sayar da ita daban, kin faɗi ranarta. Wannan zai tilasta miki yin ƙananan haɗi, wanda dama shi ya fi wa irin wannan man.

Hoto ma bayani ne. Ki ɗauka da hasken rana, ba tare da gyaran kala ba, robar a buɗe, da ɗaya a tafin hannu don a ga girmanta. In a hoto fari ne tas, a roba kuma ruwan ƙwai-ƙwai, duk gaskiyar da kika rubuta ta tashi a banza.

9. Ki gwada shi a kan wani, sannan ki riƙa komawa

Ki ba wadda ba ta san man ba ta karanta, sannan ki miƙa mata robar. Ki tambaye ta me ya ba ta mamaki. Duk abin da ta ambata, wari ne, tauri ne, ƙanƙantar roba ce, gurbi ne a bayaninki, ki koma ki cike.

Bayan haka, duk ranar da wani abu ya canja a tukunya, shafin ma ya canja a ranar. Man almon ya yanke kin sa na zaitun: jeri ya canja, layin gargaɗi ya canja, lissafin wata shida ma sai an sake shi da ranar sabuwar kwalbar. Kin koma sayen kaɗanya a wani hannu: ki sake tambayar ranar da aka yi ta, ki sake ajiye roba uku. Ni a bangon littafin haɗina na manna kwafin bayanin da ke shafi, kuma ba na rufe murfin roba ta farko sai na bi shi layi-layi da abin da na auna a ranar.